Lissafin da Ya Cika Ya Tumbatsa: Tarkon Lambobi a Harshen C

A watan Yunin 2002, masu kula da manyan kwamfutoci a ƙasashe da dama suka wayi gari da labari mai tayar da hankali. An gano ɓaraka a OpenSSH, manhajar da suke amfani da ita wajen shiga kwamfuta daga nesa cikin sirri. Wanda ba shi da kalmar sirri, ba shi ma da asusu, yana iya aiko da saƙo na musamman ya ƙwace na'urar da aka saita ta wata hanya. Masu tsarin OpenBSD, waɗanda daga gidansu manhajar ta fito, sun shafe shekaru suna rubuta a shafinsu cewa an daɗe ba a sami kafar shigowa daga nesa a tsarinsu ba kamar yadda yake zuwa. Bayan wannan lamari sai suka gyara rubutun, suka ce an sami guda ɗaya.

Tushen matsalar kuwa lissafin sau ne, irin wanda ɗan firamare yake yi a allo. An ninka wata lamba sau huɗu, amsar ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, sai kwamfuta ta zubar da saman amsar ta riƙe ƙasan, ba tare da ta ce uffan ba.

An rubuta OpenSSH da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka a wajajen 1972. Da shi aka rubuta zuciyar Linux, wadda kowace wayar Android take tafiya a kanta, da kuma manhajojin ƙananan na'urori marasa adadi. A wannan harshe lamba tana iya cika gurbinta ta hanyoyi biyu, kuma ko da yake a ido kamar abu ɗaya ne, hukuncinsu ya sha bamban ƙwarai. Wanda ya ɗauka ɗaya ne, yakan rubuta kariyar da ba ta kare komai.

Gurbi talatin da biyu

Duk wanda ya taɓa duba mitar kilomita ta tsohuwar mota ya san yadda abin yake. Gurabenta shida ne. Idan ta kai 999999, motar ta ƙara kilomita ɗaya, sai dukkan lambobin su juya su koma 000000. Tafiyar miliyan ɗaya ta auku, amma babu gurbi na bakwai da zai nuna ta.

Haka kwamfuta take, sai dai kowane gurbinta sifili ko ɗaya kawai yake ɗauka, kuma ana kiran gurbin bit. A mafi yawan kwamfutoci da wayoyin yau, lambar yau da kullum a harshen C tana da bit 32. Gurabe 32 suna iya bayar da tsari daban-daban har 4,294,967,296. Mai rubuta manhaja ne zai zaɓi yadda za a raba wannan adadi.

Idan ya rubuta `unsigned int`, ya zaɓi lamba marar alama. Ba ta sauka ƙasa da sifili, tana tafiya daga 0 zuwa 4,294,967,295. Idan kuma ya rubuta `int`, ya zaɓi lamba mai alama, wadda take iya zama riba ko bashi. An raba mata filin gida biyu: daga −2,147,483,648 zuwa 2,147,483,647.

Waɗannan lambobi suna kama da masu girman gaske, amma a lissafin kuɗi ba su da wani yawa. A ɗauka an rubuta wa wani dillalin hatsi manhajar da take ajiye kuɗi da kwabo a cikin `int`. Iyakar abin da za ta iya riƙewa naira 21,474,836 ne da kwabo 47. Ranar da yake da naira miliyan 20 a littafi, aka biya shi wasu miliyan 2, jimillar ta zama kwabo 2,200,000,000, ta haura iyaka. A na'urori da yawa abin da zai fito a allo shi ne −2,094,967,296, wato ana bin sa bashin kusan naira miliyan 21. Sai dai, kamar yadda za a gani nan gaba, harshen C bai ma yi alkawarin wannan amsar ba.

Zagayowar da doka ta halatta

Hukuncin lamba marar alama a bayyane yake. Ƙa'idar harshen C ta ce idan amsa ta wuce iyaka, za ta zagayo kamar mitar mota. A ƙara ɗaya a kan 4,294,967,295, a sami sifili. A cire ɗaya daga sifili, a sami 4,294,967,295. Ko'ina aka je haka abin yake, kuma a idon harshen ba a yi laifi ba. Masu rubuta manhajar ɓoye saƙo da masu ƙirga lokaci suna ma dogara da wannan zagayowa da gangan.

Halaccin nata ne ya sa take da haɗari, domin babu mai ɗaga murya idan ta auku. Ga zuciyar abin da ke cikin OpenSSH 3.3, a taƙaice:

```c
nresp = packet_get_int();
if (nresp > 0) {
    response = xmalloc(nresp * sizeof(char *));
    for (i = 0; i < nresp; i++)
        response[i] = packet_get_string(NULL);
}
```

Ma'anarsa da Hausa ita ce: manhajar ta yi wa mai son shiga tambayoyi, sai ta karɓi adadin amsoshin da ya ce zai aiko, ta ajiye shi a `nresp`. Daga nan ta nemi wuri a ma'adanar kwamfuta da zai ɗauki adireshin kowace amsa. A kwamfutocin bit 32 na wancan lokaci, kowane adireshi yana cin bayit huɗu, don haka sai ta ninka adadin sau huɗu. Bayan ta sami wurin, sai ta shiga karɓar amsoshin tana jera su ɗaya bayan ɗaya.

Mutumin kirki zai ce amsa ɗaya ko biyu. Amma adadin daga bakin baƙo yake fitowa, kuma ba a tantance shi ba. A ce maharin ya aiko da 1,073,741,825. A ninka sau huɗu, a sami 4,294,967,300. Wannan ya wuce cikar gurabe 32 da huɗu kacal, don haka mitar ta zagayo ta tsaya a kan 4. Manhajar ta nemi bayit huɗu, wurin amsa guda, aka ba ta ba tare da gardama ba.

Shi kuwa `nresp` bai canja ba, yana nan da biliyan ɗaya da ɗoriya. Sai madaukin da ke ƙasa ya ci gaba da zuba amsoshi. Ta farko ta shiga wurinta. Ta biyu ta faɗa gonar maƙwabci, ta uku ta wuce gaba, kowace tana shafe abin da manhajar ta ajiye a can. Maharin da ya san shimfiɗar ma'adanar yana iya shafe wani adireshi da manhajar take dogara da shi wajen sanin aikin da za ta yi na gaba, ya karkatar da ita zuwa umarnin da shi ya aiko.

Gyaran da ya zo a OpenSSH 3.4 gajere ne. Kafin a yi lissafin sau, sai a duba ko yawan amsoshin ya yi daidai da yawan tambayoyin da aka yi, a kuma ƙi duk abin da ya haura ɗari. Layuka ƙalilan ne suka toshe ɓarakar, kuma duk sun zo ne a gaban lissafin, ba a bayansa ba.

Zagayowa tana kuma zuwa ta ƙasa. Tsawon rubutu da girman wuri a harshen C ana ajiye su ne a wani nau'i marar alama mai suna `size_t`. Mai manhaja da yake son harafin ƙarshe na wata kalma yakan rubuta `strlen(s) - 1`. Wannan yana aiki shekara da shekaru, sai ranar da wani ya bar gurbin suna babu komai. Tsawon ya zama sifili, a cire ɗaya, maimakon −1 sai a sami lamba mafi girma da nau'in zai iya ɗauka, manhajar ta miƙa hannu wurin da ba nata ba.

Ambaliyar da doka ta wanke hannu a kanta

Hukuncin lamba mai alama daban ne. Idan `int` ta wuce 2,147,483,647, ƙa'idar C ba ta ce za ta zagayo ba, ba ta ce manhajar za ta tsaya ba. Cewa ta yi wannan hali ne da ba a fayyace ba, wato harshen bai ɗora wa kowa wani nauyi ba game da abin da zai biyo baya.

Don a fahimci nauyin wannan magana, sai an san wanda ke tsakanin mutum da na'ura. Kwamfuta ba ta jin harshen C kai tsaye. Akwai manhajar da ake kira kompaila, wadda aikinta tafinta ne: ta karanta abin da mutum ya rubuta, ta mayar da shi umarnin na'ura. Biyu da suka fi shahara su ne GCC da Clang. Kuma wannan tafinta ba fassara kaɗai yake yi ba. Yana taƙaita magana, yana zubar da abin da ya ga maimaici ne, domin manhajar ta yi sauri. Da yake ƙa'ida ta ce ambaliyar lamba mai alama ba ta cikin abin da manhaja ingantacciya take yi, tafinta yana da izinin ɗauka cewa ba za ta taɓa aukuwa ba, ya gina taƙaitawarsa a kan haka.

A watan Janairun 2007 wani masanin tsaron kwamfuta Bajamushe, Felix von Leitner, ya kai ƙorafi wurin masu GCC a kan layi irin wannan:

```c
assert(a + 100 > a);
```

Nufin layin a fili yake. Idan `a` ta kusa iyaka, ƙarin ɗari zai jefa ta ƙasa da sifili, jimillar ta kasa `a`, sai manhajar ta gane ta tsaya. Mai gadi ne aka ajiye a bakin ƙofa. Abin da ya tarar shi ne, idan aka umarci GCC ya inganta saurin manhaja, sai ya cire layin ɗungurungum. Hujjar tafinta ita ce: a lissafi na gaskiya, kowace lamba da aka ƙara mata ɗari ta fi yadda take a da, hanya ɗaya da hakan zai ƙi zama gaskiya ita ce ambaliya, ambaliya kuma an ce ba ta faruwa, saboda haka amsar kullum "e" ce, babu amfanin ɓata lokaci a tambaya.

An yi zazzafar muhawara. Mai ƙorafin yana ganin an kori mai gadi ba tare da an sanar da mai gida ba, kuma akwai manhajoji da yawa a duniya da suka dogara da irin wannan dubawa. Masu GCC kuma suka tsaya a kan cewa layin ne ya karya ƙa'ida tun farko, domin sai ya aikata ambaliyar kafin ya duba ko ta auku. Ba a canja ainihin halin GCC ba, amma fitowar 4.2 ta wannan shekara ta zo da zaɓin gargaɗi da zaɓin hana irin wannan taƙaitawa.

Abin da ya fi rikita masu koyo shi ne layi ɗaya yana iya zama daidai a nan, kuskure a can. Idan `a` da `b` duka `unsigned int` ne, dubawar `a + b < a` halattacciya ce, kuma tana kama zagayowa a kowane lokaci. A mayar da su `int`, tare da `b` lamba tabbatacciya da tafinta ya san ba ta ƙasa da sifili, sai layin ya zama abin da yake iya sharewa. Har wa yau, manhajar tana iya yin aiki lafiya lokacin da ake gwada ta ba tare da ingantawa ba, ta canja hali ranar da aka harhaɗa ta da `-O2` don a kai wa jama'a.

Me ya sa aka bar abin haka? Dalili na farko tarihi ne. Lokacin da aka rubuta ƙa'idar C ta farko a 1989, kwamfutoci ba su yi ittifaƙi a kan yadda ake ajiye lambobin ƙasa da sifili ba. Wasu sukan zagayo idan an yi ambaliya, wasu su ba da wata amsa daban, wasu su tsayar da manhajar. Masu ƙa'idar suka ƙi tilasta hanya ɗaya. Dalili na biyu ya zo daga baya: masu kompaila sun gano cewa wannan 'yanci yana ba su damar sanin sau nawa madauki zai juya, su kuma hanzarta shi. Shi ya sa ko sabuwar ƙa'idar da ake kira C23, wadda ta tsayar da hanya ɗaya tilo ta ajiye lambobi masu alama, ta bar ambaliyarsu a matsayin halin da ba a fayyace ba.

Kuskuren da ke barci

Irin wannan kuskure ba ya nuna kansa da ƙananan lambobi, kuma da ƙananan lambobi mutane suke gwaji. A 2006 Joshua Bloch, injiniya a Google a lokacin, ya bayyana cewa hanyar nema ta rabe-biyu da ake koyarwa a jami'o'i tana ɗauke da shi. Hanyar ita ce a buɗe jerin abubuwa a tsakiya, a zubar da rabin da ba a buƙata, a sake buɗe tsakiyar sauran. Ana samun tsakiya da `(low + high) / 2`. Idan jerin ya haura abubuwa biliyan ɗaya, jimillar farko da ƙarshe tana iya cika gurbin kafin a kai ga rabawa. Layin ya zauna a fitaccen littafin Jon Bentley na koyar da shirya manhaja kusan shekara ashirin, ya kuma zauna a ɗakin karatun Java da Bloch da kansa ya rubuta kusan shekara tara. Maganinsa shi ne `low + (high - low) / 2`, wanda yake ba da amsa iri ɗaya ba tare da ya bi ta babbar jimilla ba.

Wani lokaci kuma agogo ne yake cika gurbin a hankali. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar da umarni a kan jirgin Boeing 787: idan na'urorin da ke sarrafa janaretocinsa suka kwana 248 a kunne ba a kashe ba, wani maƙirgi a cikin manhajarsu zai cika, su rufe kansu, jirgin ya rasa babbar wutarsa ko da yana sama. A ɗakin gwaji aka gano hakan. Injiniyoyin da suka karanta umarnin sun lura cewa maƙirgi mai alama na bit 32, wanda yake ƙaruwa sau ɗari a daƙiƙa, yana cika ne cikin kwana 248 da rabi. Kafin a gyara manhajar, matakin wucin gadi shi ne a riƙa kashe wutar jirgin ana sake kunnawa lokaci-lokaci.

Yadda ake farautarsa

Matakin farko shi ne a sa tafinta ya yi magana. GCC da Clang ba sa faɗin duk abin da suka gani sai an tambaye su. Zaɓin `-Wall -Wextra` yana sa su yi gargaɗi idan an kwatanta lamba mai alama da marar alama, wanda tarko ne mai zaman kansa: a irin wannan kwatanci ana mayar da mai alamar ta zama marar alama, sai −1 ya zama biliyan huɗu da ɗoriya, ya fi 1 girma. Zaɓin `-Wconversion` kuma yana nuna inda ake zuba babbar lamba a ƙaramin gurbi. Sai dai gargaɗi yana ganin siffar rubutu ne kawai. Bai san adadin da baƙo zai aiko gobe ba.

Mataki na biyu ya fi ƙarfi. Akwai zaɓin da ke sa kompaila ya dasa ɗan mai sa ido kusa da kowane lissafi, wanda zai yi ihu a daidai lokacin da ambaliya ta auku:

```
gcc -g -fsanitize=undefined kudi.c -o kudi
```

Idan manhajar dillalin nan ta tara miliyan 20 da miliyan 2, za a ga sunan fayil da lambar layi, tare da saƙo kamar haka:

```
runtime error: signed integer overflow: 2000000000 + 200000000 cannot be represented in type 'int'
```

Nan ma bambancin nau'o'in biyu ya sake fitowa. Wannan zaɓi ba zai kama kuskuren OpenSSH ba, domin zagayowar lamba marar alama halal ce a ƙa'ida. Mai son ganin ta sai ya koma Clang ya ƙara `-fsanitize=unsigned-integer-overflow`, ya kuma shirya tankaɗe rahotannin, tunda zai ga har da wuraren da aka yi zagayowar da gangan, waɗanda sai ya yi musu alama a ƙyale su.

Masu Android sun bi wannan hanya bayan sun sha wuya. A 2015 Joshua Drake ya bayyana jerin ɓarakoki a Stagefright, sashen da ke buɗe bidiyo da sauti a wayar, kuma da yawansu cikar lamba ce wajen lissafin girman wuri, 'yan'uwan kuskuren 2002. Saƙon bidiyo da aka ƙera na musamman yana iya isa ya kai hari. A Android 7.0 na 2016 sai aka bar masu sa idon nan a kunne a cikin sassan bidiyo da sauti na wayoyin da ke hannun jama'a, ta yadda idan lamba ta cika, sashen zai mutu nan take maimakon ya ci gaba da lissafin ƙarya.

Mai sa ido yana ganin abin da ya faru a gabansa ne kawai, don haka mataki na uku shi ne a kai manhajar bakin iyaka da gangan. Ƙwararren mai gwaji yana da lambobin da yake fara jefawa: sifili, ɗaya, −1, `INT_MAX`, `INT_MIN`, da waɗanda ke gefensu da ɗaya. Yakan gwada `INT_MIN` musamman, domin ba ta da takwara a ɓangaren sama: juya alamarta, ko raba ta da −1, ambaliya ce. Akwai kuma manhajojin da ke ƙera dubban bayanan shigarwa barkatai suna watsa wa manhaja dare da rana, irin su AFL da libFuzzer, waɗanda idan aka haɗa su da mai sa ido sukan tono abin da ido bai gani ba.

Masu Linux sun yi wata dabara a kan maƙirgin lokaci. Zuciyar tsarin tana da maƙirgi mai suna `jiffies` da ke ƙaruwa da kowane bugun agogo. A bit 32, idan yana bugawa sau dubu a daƙiƙa, zai zagayo bayan kwana 49 da 'yan sa'o'i, tsawon da ba kowane mai gwaji zai jira ba. Sai suka daina fara shi daga sifili, suka fara shi saura minti biyar ya zagayo. Duk sashen da bai iya jure zagayowa ba zai tona kansa minti biyar bayan an kunna na'ura, a gaban wanda ya rubuta shi.

Dubawa kafin a zuba

Ganowa rabin aiki ne, saura rubuta lissafin yadda ba zai cika ba. Ka'idar ita ce wadda masu OpenSSH suka bi: a tambaya ko akwai wuri kafin a yi lissafin. Maimakon a tara sannan a duba ɓarna, sai a juya tambayar ta zama ragi, wanda ba zai wuce iyaka ba:

```c
if (b > 0 && a > INT_MAX - b)
    return -1;
```

Wato idan `a` ta fi sararin da ya rage bayan an ware wa `b` nata, a ƙi yin tarawar. Ana buƙatar irin wannan layi a ɓangaren ƙasa ma, idan `b` tana iya zama ƙasa da sifili. A lissafin sau kuma ana amfani da rabawa: kafin a ninka `n` da girman abu, a duba ko `n` ta fi `SIZE_MAX` da aka raba da wannan girma. Wajen neman wuri a ma'adana, `calloc` tana karɓar adadi da girma daban-daban, kuma ingantattun tsare-tsaren yau suna duba lissafin da kansu su ƙi idan ya cika. OpenBSD ya ƙara `reallocarray` a 2014 don wannan manufa.

Da yake rubuta waɗannan dubawa da hannu yana da nasa kurakuran, GCC da Clang sun tanadi `__builtin_add_overflow` da `__builtin_mul_overflow`. C23 kuma ta shigar da makamantansu cikin harshen kansa:

```c
#include <stdckdint.h>
if (ckd_add(&jimla, a, b))
    return -1;
```

Wannan yana yin tarawar kamar babu iyaka, ya ajiye amsa a `jimla`, ya kuma faɗa idan ba ta shiga gurbin ba. Tafinta ba zai share shi ba, domin babu ƙa'idar da aka karya.

Akwai kuma zaɓin `-fwrapv`, wanda ke umartar kompaila ya ɗauki ambaliyar lamba mai alama a matsayin zagayowa tabbatacciya. Zuciyar Linux ana harhaɗa ta da ɗan'uwansa, `-fno-strict-overflow`. Wannan yana hana a kori mai gadi, amma ba ya gyara amsa. Dillalin hatsin nan zai ci gaba da ganin bashin miliyan 21, sai dai yanzu kullum zai gan shi iri ɗaya. Abin da zai fitar da shi shi ne faɗaɗa gurbin zuwa `int64_t`, wanda iyakarsa ta haura biliyan sau biliyan tara, tare da duba duk lambar da ta shigo daga waje, domin mahari yana iya zaɓar lambar da za ta cika ko da gurbin bit 64 ne.

Akwai ambaliya ɗaya da aka riga aka san ranarta. Tsare-tsaren dangin Unix suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma tsofaffinsu suna ajiye ƙirgar a lamba mai alama ta bit 32. Za ta kai 2,147,483,647 ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14 da daƙiƙa 7 na dare agogon GMT, wato 4:14 na asuba a Kano da Damagaram. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, na'urar da ta zagayo za ta ɗauka tana cikin Disambar 1901. Kwamfutoci da wayoyin bit 64 sun riga sun tsallake wannan, kuma Linux 5.6 na 2020 ya kammala tanadin ƙirga mai faɗi ga na'urorin bit 32. Waɗanda suka rage su ne ƙananan na'urorin da aka girka a masana'antu da motoci da akwatunan sadarwa, waɗanda ba a sabunta manhajarsu. Masu kula da irinsu suna gwada su ne ta hanyar da masu Linux suka bi da maƙirginsu: su ɗauki guda su ajiye a teburin gwaji, su tura agogonta zuwa daren 19 ga Janairun 2038, saura minti biyar, su zauna su ga abin da za ta yi.